Manhajar lissafi na nuna wani balas, banki na nuna wani: ina kuɗin suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Katsina, ina zaune a Ƙofar Ƙaura. Wata uku ke nan da na sauke wata manhajar lissafin kuɗi a wayata don in riƙa sanin inda albashina ke tafiya. Amma kullum abin da take nuna ya rage mini daban yake da na banki. In na ciri kuɗi a wurin mai POS sai ta ce sayayya na yi, wasu abubuwan kuma sau biyu take rubuta su. Bankin ne ke cire mini sau biyu ko manhajar ce ta lalace? In goge waɗanda suka maimaitu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka goge komai tukuna. Na fara da wannan ne saboda a aikina na daidaita wa 'yan kasuwa da ma'aikata lissafi, ɓarnar da na fi cin karo da ita ba manhaja ce ke yin ta ba, mai wayar ne ke yin ta da yatsansa lokacin da ya zauna yana share duk layi biyun da suka yi kama da juna.

Ka fara da fahimtar cewa kuɗinka ba sa cikin manhajar. Littafi ce kawai, kamar wanda yaron shago ke rubuta ciniki a ciki, kuma abin da aka gaya mata shi take rubutawa. To wa ke gaya mata? A ƙasar nan yawanci ɗayan hanya huɗu ce. Ko dai tana karanta saƙon alat da banki ke turo maka, wanda a wayoyin Android ne hakan ke yiwuwa, don iPhone ba ta barin manhaja ta karanta saƙonnin mutum. Ko ka haɗa ta da asusunka ta hannun wani kamfanin tsakiya mai ɗebo bayanai daga banki. Ko ka sauke sitatimen, wato takardar bayanin shige da ficen asusu, ka loda mata. Ko kuma kai da kanka kake rubutawa. Kowace hanya da irin ramin da take faɗawa, kuma mutumin da ya haɗa biyu a kan asusu ɗaya, misali alat da rubutun hannu, ya riga ya buɗe wa maimaici ƙofa. Don haka ka shiga saitin manhajarka yau ka gano ta wace hanya take jin labarin kuɗinka. Rabin amsarka na nan.

Shi kansa bankin balas biyu gare shi. In ka duba da kyau a manhajar banki ko a sitatimen za ka iya ganin Ledger balance da Available balance. Na farko shi ne abin da aka riga aka rubuta a littafin banki aka gama. Na biyu shi ne abin da za ka iya taɓawa yanzu, bayan an ware kuɗin da aka riƙe. In ka sa kati ka biya wani abu, sau da yawa banki kan fara riƙe kuɗin ne, sai daga baya a kammala biyan mai kayan a rubuta shi a littafi. A tsakanin nan balas biyun ba za su zo ɗaya ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Idan manhajarka na ɗaukar na farko kai kuma kana kallon na biyu, za ku yi ta saɓani har ranar da aka saki abin da aka riƙe. Ga kuma lokaci: manhajar da aka haɗa da banki ba kowane minti take leƙawa ba, akan ga rubutu ƙarami kamar Last updated a ƙarƙashin balas ɗin. Balas na jiya da daddare ba zai yi daidai da na yau da azahar ba in ka sayi mai da safe.

Amma bambancin da ya daɗe, wanda ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, ba wannan ba ne. Wannan yana faruwa ne da manhajar da ba ta kwafo balas daga banki, lissafa nata take yi: ta ɗauki abin da ka ce kana da shi ranar farko, ta ƙara abin da ya shigo, ta debe abin da ya fita. Kuskure ɗaya a watan farko zai bi ka har shekara. Akwai kuma masu kwafo balas ɗin kai tsaye, waɗanda kullum za ka gan su daidai da banki, amma jimillar abin da suka ce ka kashe a wata ta kumbura. Waɗannan sun fi ruɗar mutum, don babu alamar da za ta sa ya yi zargi.

Bari in kawo maka aikin da na yi da wata malamar makaranta a Daura, don shi ne zai nuna maka yadda ake bin sawun. Manhajarta mai karanta alat ce, kuma takan rubuta wasu abubuwan da hannu. A ƙarshen wata manhajar ta ce naira 47,250 ya rage mata, banki kuma ya ce 97,356.11. Bambancin 50,106.11 ne, kuma bankin ne ke da mafi yawa. Ita hankalinta ya tashi ne don tana tsoron kada kuɗin wani ne ya shigo mata bisa kuskure ta kashe a zo ana nema.

Abu na farko da na lura da shi shi ne kwabban nan goma sha ɗaya. Mutane ba sa ciniki da kwabo a yanzu, don haka duk inda ka ga kwabo a bambanci, cajin banki ne ke ciki. A ƙa'idar caji da Babban Bankin Najeriya ya fitar ta fara aiki a Janairun 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne in bai wuce dubu biyar ba, naira 25 daga nan zuwa dubu hamsin, naira 50 in ya haura. A kan cajin ake ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa ake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Bankuna da yawa ba sa turo alat na musamman a kan waɗannan 'yan kuɗin, manhaja mai jiran alat kuwa ba za ta taɓa sanin an cire su ba.

Na sa ta sauke sitatimen na watan daga manhajar banki, muka buga shi a takarda a wani shagon kwamfuta. Na fi son takarda a irin wannan aikin, don biro ya fi yatsa riƙe wuri. Ta riƙe wayar, ni na riƙe takardar, muka fara daga ranar 1 ga wata. Kafin mu karanta layi ko ɗaya sai da muka tabbatar balas na buɗe wata ya zo ɗaya a wuri biyun, don in tun daga nan aka saɓa, to matsalar tana watan baya, can za a koma. Ya zo ɗaya. Daga nan ni in karanta layi a takarda, ita ta nemo shi a waya, in ta samu in sa masa alama. Ka lura da alkiblar: daga takardar banki ake zuwa manhaja, ba daga manhaja zuwa banki ba. In an gama, abin da ya rage babu alama a takarda shi ne wanda manhaja ba ta gani ba, abin da ya rage a waya ba a kira shi ba kuma shi ne ƙari.

Ƙari na farko naira 18,500 ne na kantin magani, ya fito sau biyu a waya, ɗaya da ƙarfe huɗu na yamma, ɗaya bayan isha'i. A takarda sau ɗaya ne. Muka buɗe akwatin saƙonninta muka tarar alat ɗin ne ya shigo sau biyu, kamar yadda yakan faru in sabis ya yi nauyi. Ga abin da ya yanke hukunci, kuma ina so ka riƙe shi: a ƙarshen kowane alat akwai wurin da aka rubuta Bal, wato abin da ya rage bayan cirewar. A saƙo biyun adadin ɗaya ne. Da sau biyu aka cire, da na biyun ya gaza na farko da 18,500. Wannan maimaici ne na gaskiya, muka cire ɗaya.

Na biyu ya fi ɓuya. A waya akwai layin 25,400 da manhaja ta ɗauko daga alat, ga kuma layin 25,000 da ta rubuta da hannunta, ta sa masa suna masara. Adadin bai zo ɗaya ba, sunan bai zo ɗaya ba, ko ranar ma ta bambanta da kwana ɗaya. Amma kuɗi ɗaya ne. Ta ciri dubu ashirin da biyar a wurin mai POS, ya ɗauki ɗari huɗu ladansa, washegari ta aiki ƙaninta kasuwa ya auno masara da kuɗin. Ita kuma da ta zo rubuta masarar sai ta ce daga asusun banki kuɗin suka fita, manhaja ta sake debe su. Babu wata manhaja da za ta gane wannan da kanta, sai mai kuɗin ya tuna.

Na uku naira 12,000 ne a gidan mai. Ta sa kati, na'ura ta ce bai yi ba, amma alat ya shigo an cire. Ta biya da tsaba ta tafi. Bayan kwana biyu banki ya maido da kuɗin, ga shi nan a takarda da alamar RVSL a gaba, sai dai ba a turo alat na maidowar ba. Manhaja ta san fita, ba ta san dawowa ba. Nan ba gogewa muka yi ba, ƙara layin maidowar muka yi, muka sa shi a rukuni ɗaya da cirewar don su kashe juna. In ka sa irin wannan a rukunin kuɗin shiga, za ka ga samunka na wata ya ƙaru da kuɗin da ba ka samu ba.

Waɗannan uku sun haɗa 55,500 da manhaja ta debe ba bisa ƙa'ida ba. To amma bambancinmu 50,106.11 ne, ke nan akwai 5,393.89 da ke jan igiyar ta ɗaya ɓangaren. Caje-caje sun ba mu 393.89: na tura kuɗi shida da suka haɗa 155.89, harajin naira hamsin-hamsin guda biyu da ake cira a turawar da ta kai dubu goma, da naira 138 na kuɗin alat. Saura dubu biyar cif. A takarda akwai layi biyu na 5,000 a rana ɗaya, zuwa ga mutum ɗaya, tsakaninsu minti uku, a waya kuwa ɗaya ne. Da na nuna mata sai ta riƙe baki. Hannu biyu take zubi a adashin makarantarsu, ta tura wa uwar adashi ɗaya bayan ɗaya, sannan bayan mako biyu da take gyaran manhaja ta ga layi biyu iri ɗaya ta share guda. Abin da ta ɗauka maimaici ne shi kaɗai ne ba maimaici ba a duk watan. Muka maido shi, muka sa caje-cajen a layi ɗaya: 47,250 a ƙara 55,500, a debe 5,393.89, ya ba da 97,356.11, har kwabon.

Ka ga dalilin da ya sa na ce ka dakata. Kamannin adadi da rana ba hujja ba ne. Hujja uku ce, kuma ina jera su ne bisa ƙarfinsu. Mafi ƙarfi shi ne balas da ke gefen kowane layi a sitatimen: in ya sauka sau biyu, sau biyu aka cire, in sau ɗaya ya sauka, sau ɗaya ne, ko manhaja ta nuna shi sau goma. Sai lambar shaida: duk turawar da ta bi tsakanin bankuna tana da Session ID mai lamba 30 a jikin rasit, na kati kuma akwai lambar da ake rubuta wa RRN a takardar da na'ura ke fitarwa. Lamba ɗaya, ciniki ɗaya. Na ƙarshe shi ne Bal na cikin alat da na ambata, wanda yake taimako in ba ka da sitatimen a kusa.

Idan manhajarka haɗe take da banki kai tsaye, maimaicinta na da nasa salon. Mafi yawa shi ne na kuɗin da aka riƙe. Ciniki zai shigo da alamar Pending, bayan kwana ɗaya zuwa uku a kammala shi ya sake shigowa a matsayin sabo, wani lokacin da sunan shago da ya ɗan canza ko wata ranar daban. Ya kamata manhaja ta gane ta maye na farko da na biyu, amma in bayanin ya sauya da yawa takan bar su duka. Maganinsa haƙuri na kwana uku zuwa biyar, don sau da yawa na farkon kan ɓace da kansa. In bai ɓace ba, mai alamar Pending ake cirewa, a bar wanda aka kammala. Salo na biyu yana zuwa ne bayan mutum ya canza kalmar sirri ko waya, haɗin ya yanke, maimakon ya danna Reconnect a kan tsohon asusun sai ya ƙara shi a matsayin sabo. Manhaja za ta sake kwaso tarihin watanni, komai ya zama biyu. Alamarsa a fili take: ba layi ɗaya ko biyu ne suka maimaitu ba, duka ne, kuma a jerin asusunka za ka ga biyu masu lambobin ƙarshe iri ɗaya. Kada ka bi su ɗaya-ɗaya, asusun guda za ka cire. Amma ka duba wanne ne ke ɗauke da gyare-gyaren rukunin da ka sha wahalar yi, da wanne ne tarihinsa ya fi nisa, ka kuma fitar da kwafin bayananka ta Export kafin ka taɓa komai, domin cire asusu yakan tafi da duk abin da ke cikinsa.

Masu loda sitatimen kuwa, tarkonsu kwanaki ne masu hawa kan juna. Ka loda daga 1 zuwa 31 ga Maris, sannan ka loda daga 25 ga Maris zuwa ƙarshen Afrilu, mako guda ya shiga sau biyu. Akwai kuma na tsarin rubuta kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, manhajojin da aka ƙera don Amurka kuma wata suke farawa da shi, don haka 03/04 da muke nufin 3 ga Afrilu sai ta ajiye shi a 4 ga Maris. Layin zai tafi wani watan, ka neme shi ka rasa, ka sake rubutawa, ya zama biyu. In layukan suna da yawa, ka fitar da su ka buɗe a Excel ko Google Sheets. Idan kwanan wata na shafin A, adadi na shafin C, ka sa wannan a layi na biyu na wani shafin da babu komai a gefensu ka ja shi ƙasa:

```
=COUNTIFS(A:A,A2,C:C,C2)>1
```

Duk inda ya nuna TRUE akwai wani layin mai rana ɗaya da adadi ɗaya. Waɗanda ake zargi ya tara maka, bai yanke musu hukunci ba. Da zubin malamar nan zai kama, masarar kuma ta wuce shi.

Wajen cirewar ma akwai tsari. In ɗaya rubutun hannunka ne ɗaya na banki, naka za ka cire, ka kwafe bayanin da ka rubuta ka mayar kan na banki. In manhajar na da Merge ko Match, shi ya fi, don yana haɗe su ya riƙe bayanin duka biyun. In duka biyun daga banki suka zo, ka fi son Hide ko Exclude a kan Delete, saboda a wasu manhajojin layin da aka goge yakan dawo a leƙawa ta gaba, wanda aka ɓoye kuwa tana sane da shi ba za ta sake kawo shi ba. Akwai kuma maɓallin da ke cewa a daidaita balas da na banki a take. Ba na son a fara da shi. Layi ɗaya na cike giɓi yake ƙirƙirowa, balas ya yi daidai, amma dubu goma sha takwas ɗin magani na nan sau biyu a lissafin lafiya. Na yarda da shi ne kawai in an gama bin sawu, 'yan nairori sun rage, ko kuma in ɓarnar ta watanni ce da yawa mutum ya yanke shawarar ya ja layi ya fara daga yau.

Sai maganar rukuni. Banki ba ya sanin abin da ka saya, hanyar da kuɗin suka bi ya sani: kati, ATM, turawa, katin waya. Manhaja ce ke hasashe, kuma da abu biyu take yi. In kati ne, kowace na'urar karɓar kuɗi an yi mata rajista da lamba huɗu mai nuna irin sana'ar mai ita, ana kiranta MCC. Misali 5411 ta kantin kayan abinci ce, 5541 ta gidan mai, 5912 ta kantin magani, 5812 ta gidan cin abinci. Manhajar da ke samun wannan lambar da ita take aiki, wadda ba ta samu kuma sunan da ke jikin layin take karantawa. To a garinmu na'ura ɗaya ce mai shago ke karɓar kuɗin sukari da ita, ya ba maƙwabci tsaba da ita, mai nama na gefe ma ya ce a biya shi ta nan. A idon banki kati ka sa a na'urar ɗan kasuwa, don haka Purchase zai rubuta ko tsaba ka karɓa. In turawa ce, babu ma lambar sam, sai sunan wanda ya karɓa da ɗan bayanin da ka rubuta. Ka tura wa mai kayan miya kuɗi a asusun da ke ɗauke da sunan matarsa, me manhaja za ta ce in ba Others ko Transfer ba? Shi ya sa nake ba mutane shawarar su daina barin wurin bayani fayau lokacin turawa. Kalma ɗaya, haya ko cefane ko makaranta, ta isa ta tuna maka bayan wata biyu.

Gyaran na mai POS shi ne wanda zai fi canza maka lissafi. Ka buɗe wani asusu a cikin manhajar ka sa masa suna Aljihu. Duk lokacin da ka ciri tsaba, ka raba layin gida biyu: ainihin kuɗin ka mai da shi Transfer daga banki zuwa Aljihu, ladan mai na'ura kuma ka sa shi a rukunin caji. Cire kuɗi ba kashewa ba ne, wuri suka sauya. Sai ranar da ka sayi masara ko ka biya mai keke-napep ka rubuta, ka ce daga Aljihu suka fita. Da wannan ne maimaici irin na malamar ba zai sake faruwa ba, kuma a ƙarshen wata za ka ga nawa ladan cirewa kaɗai ya ci maka, adadin da yakan sa mutane su rage yawan zuwa cirar dubu biyu-biyu.

Haka turawa tsakanin asusunka biyu, misali daga na albashi zuwa na wayar da kake cefane da shi. Za ta fito a matsayin kashewa a ɗaya, samu a ɗaya. Ba maimaici ba ne, kada ka goge ko ɗaya, ƙafa biyu ce ta tafiya ɗaya, ka haɗa su a matsayin Transfer. In ba haka ba, mai albashin dubu ɗari da hamsin da ya tura wa kansa dubu tamanin zai ga manhaja na cewa ya samu dubu ɗari biyu da talatin. Adashi ma ni a wurina ba kashewa ba ne, ajiya ce a hannun wani, don haka nakan buɗe masa asusunsa: zubi ya shiga can, ranar kwasa ya dawo. Bashin da ka ba ɗan'uwa kana sa ran ya dawo ma haka.

In ka gyara rukunin wani layi, manhajoji da yawa za su tambaye ka ko a riƙa yin haka ga duk mai irin wannan sunan. Ka amince a kan wanda sana'arsa ɗaya ce, kamar kamfanin wutar lantarki ko makarantar yara. Kada ka amince a kan mai POS na unguwa ko wani sunan da kowane irin biya ke bi ta kansa, don za ta mai da komai rukuni ɗaya har da na watannin baya. Kuma rukuni takwas zuwa goma sun ishi magidanci. Wanda ya buɗe talatin, kafin wata biyu zai gaji ya daina gyarawa.

To idan ka bi sawu ka tarar a sitatimen ɗin kansa layi biyu ne, balas ya sauka sau biyu, kai kuma ka tabbata sau ɗaya ka saya? Wannan ya fita daga hannun manhaja, tsakaninka da bankinka ne, kuma a nan goge layin a waya cutar kanka ne, don ka share abin da zai tuna maka kana bin kuɗi. Ka bar shi, ka sa masa alama. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020, cirewar da ta gaza a ATM ɗin wani banki ana maido ta cikin awa 48, ta POS ko ta intanet kuma a warware ta cikin awa 72. In lokacin ya wuce, ka kai ƙorafi a rubuce ga bankinka da kwanan wata, adadi, da lambar RRN ko Session ID, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana. In an kwashe mako biyu ba a warware ba, kana da damar ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Duk wanda kuma ya kira ka ya ce zai maido maka da kuɗin in ka karanto masa lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka a saƙo, ka kashe wayar, banki ba ya neman waɗannan.

Tunda wata uku kawai ka yi, aikinka bai yi yawa ba. Ka sauke sitatimen na wata ukun, ka duba balas na ƙarshen kowane wata ka gwada da na manhaja, watan farko da suka rabu daga nan za ka fara bin layi. Ka rubuta bambancin a saman takarda har da kwabo, duk abin da ka gano ka debe ko ka ƙara, har ya koma sifili. In ka kai wani adadi da ya ƙi fita, ka raba shi biyu ka nemi layi mai rabin nan, don kuɗin fita da aka rubuta a matsayin shiga ninki biyu yake ɓata lissafi. In har yanzu ya ƙi, ka aiko mini da adadin da kuma hanyar da manhajarka ke samun bayani, ba tare da lambar asusu ba, mu duba tare.